Yallaɓai, ga amsoshin tambayoyinka kan zagayen gyara da kuɗin sake rubuta tsohon sikirif

Assalamu alaikum Yallaɓai, da fatan ka wuni lafiya, ya aiki ya ƙoƙari. Na saurari saƙonnin muryar da ka turo duka, jiya da daddare kuma na gama karanta sikirif ɗin fim ɗin nan da wani marubucin ya rubuta kake so in gyara, shafi 94 ne, sin 50 cif. Da na so in kira ka mu yi magana baki da baki amma na ga gara in rubuta, don maganar kuɗi in ba a rubuce take ba gobe kowa da abin da zai tuna, kuma na san akwai abokin aikinka da zai so ya gani da idonsa. Na tattaro tambayoyin naka na haɗa da wasu da na san za su taso nan gaba, tun ran gini tun ran zane. Ka yi haƙuri ya ɗan yi tsawo.

Wai mene ne zagaye ɗaya na gyara?

Zagaye ɗaya shi ne: na turo maka diraf, ka karanta shi tun daga shafin farko har na ƙarshe, ka tattara duk abin da bai yi maka ba a takarda ɗaya ka turo min, mu yi waya mu fahimci juna, ni kuma in koma in gyara in turo sabon diraf. Daga ranar da sabon diraf ya shiga hannunka zagayen nan ya rufe. Shi ke nan.

Abin da ya sa nake nanata kalmar "duka" shi ne ba yawan gyaran ake ƙirgawa ba. In ka turo min abu 40 a takarda ɗaya zagaye ɗaya ne, in ka turo abu 3 ma zagaye ɗaya ne. Amma in ka turo 3 yau, na zauna na yi su na mayar maka, jibi ka sake turo 2, to wannan zagaye biyu ne ko da duka-duka abu 5 ne, saboda duk lokacin da na taɓa rubutun sai na sake bin sa daga farko in tabbatar abin da na canza a shafi na 20 bai karya wani abu a shafi na 80 ba, kuma wannan bibiyar ita ce take cin lokaci, sau da yawa ma ta fi gyaran kansa.

Zagaye nawa ne a cikin kuɗin, kuma kwana nawa kowanne yake ɗauka?

Biyu ne, sai ɗan dubawa na ƙarshe da ba na ƙirga shi.

Na farko shi ne babba. A nan za ka ce min sin kaza ya yi tsawo, wane ba ya magana kamar yadda mutum irinsa zai yi, tsakiyar fim ɗin ya yi sanyi, ban gane dalilin da ya sa wance ta yafe da wuri haka ba. Na biyu ƙarami ne, na duba ko gyaran farko ya zauna da kuma kalmomin da suka rage. Dubawar ƙarshe kuwa kuskuren rubutu ne kawai, suna ya sauya a wani shafi, an rubuta dare a inda ya kamata rana, irin waɗannan.

Kana da kwana 7 ka karanta ka turo bayananka, ni kuma ina da kwana 10 a zagayen farko, kwana 5 a na biyu. In kwana bakwai ba za su isa ba ka faɗa min mu ƙara, ba matsala ko kaɗan. Abin da ba na so shi ne shiru, in aka yi kwana 30 ban ji komai ba zan ɗauka diraf ɗin ya karɓu in kama wani aikin, don ni mai zaman kansa ne, kwanakin da na keɓe maka na hana wani ne.

Zagaye na uku in ana buƙata akwai shi, kuɗinsa daban, kashi 10 cikin 100 na kuɗin aikin, matuƙar gyara ne na gaske ba sabon labari ba.

Me ya sa ka nace sai takarda ɗaya daga mutum ɗaya? Ai mu uku ne a kan aikin.

Ku ukun duka ku karanta mana, hakan ma ya fi. Amma ku zauna tsakaninku ku daidaita kafin ya iso gare ni.

Bari in ba ka abin da ya taɓa faruwa da ni. Wani aiki na yi wa wasu mutane, furodusa ya kira ni ya ce uwar jarumi ta yi zafi da yawa in sassauta ta, na kwana biyu ina bin sin ɗinta ɗaya bayan ɗaya ina rage kaifin maganarta, har wani wuri da take korar ɗanta daga gida na mayar da shi ta juya masa baya kawai ta yi shiru. Na tura. Washegari darakta ya kira ni ransa a ɓace, wai ina uwar da ya karanta ya amince zai yi fim ɗin saboda ita, a dawo masa da ita har ma a ƙara. Su biyun ba su taɓa maganar da juna ba, ni ne na zama hanyar da suke jayayya ta cikinta, kuma kowannensu yana ganin zagaye ɗaya kawai ya ci. Wallahi aikin bai ƙare da daɗi ba, kuma abin da ya fi damuna fim ɗin ne ya cutu, uwar ta fito rabi zafi rabi sanyi ba ta zama kowa ba.

Tun daga nan na sa wannan sharaɗin. Ku zaɓi mutum ɗaya wanda maganarsa ce ta ƙarshe. Saƙon murya ba laifi don ƙarin bayani, amma abin da zan yi aiki da shi sai a rubuce, da lambar shafi ko lambar sin. Kuma dan Allah in wani wuri bai yi maka ba ka faɗa min abin da ka ji, misali "daga shafi na 40 zuwa 55 na fara duba wayata", wannan ya fi min amfani sau goma a kan "a sa faɗa a shafi na 45", don sau da yawa inda mai karatu ya gaji ba nan ciwon yake ba, yana can baya inda aka kasa sa shi ya damu da mutanen.

To ina iyakar gyara, ina sake rubutu ya fara?

Wannan ita ce tambayar da duk rigima take fitowa daga cikinta. Ba ni na ƙirƙiro bambancin ba, ƙungiyar marubuta fim ta Amurka, WGA, a yarjejeniyarta ta raba su gida biyu: akwai goge rubutu, wato canje-canje a dayalog ko bayani ko motsin da ake yi a sin, sannan akwai sake rubutu, wato babban canji a zaren labari ko yadda yake tafiya ko alaƙar da ke tsakanin mutanen cikinsa, kuma kowanne da mafi ƙarancin kuɗinsa daban. Mu ba a ƙarƙashin ƙungiyar muke ba amma ma'aunin yana da kyau, da shi nake aiki.

Yadda za mu gane a aikace kuwa mai sauƙi ne. Kafin in rubuta ko shafi ɗaya zan ba ka tsarin labarin, shafi 4 zuwa 5, kowane sin da layi biyu ko uku na abin da ya faru a ciki, ka karanta ka ce ka amince. Daga nan duk wani gyara da ka nema sai mu ɗora shi a kan wannan tsarin. In za a iya yinsa ba tare da an canza layukan tsarin ba, gyara ne, yana cikin kuɗinka. In sai an goge layuka an rubuta wasu, to labari ya motsa, sake rubutu ne, zan tsaya in faɗa maka kuɗinsa kafin in taɓa komai. Ba zan taɓa yin aikin sannan in kawo maka bil daga baya ba.

Shi ya sa nake roƙon ka ba tsarin nan lokaci sosai. Mutane suna raina shi don gajere ne, su ce "ya yi, ci gaba" a cikin minti biyar, alhali a nan ne canji yake da arha, a tsari layi uku zan goge, a diraf shafi talatin ne.

Amma canjin da na nema magana ɗaya ce fa, ya za a yi ya zama sake rubutu?

Na ji ka faɗi haka a saƙonka na biyu, kuma na gane dalilin, a baki jimla ɗaya ce: jarumar ta san tun farko cewa ƙaninta ne ya kwashe maganin. Bari mu bi ta cikin sikirif ɗin ka ga inda ta kai.

Yadda yake yanzu, ita nas ce, an zargi ƙaninta da satar magani a sito na asibitin da suke aiki, ta tsaya kai da fata tana kare shi, sai a shafi na 71, sin na 38, ta sa hannu a aljihun rigarsa za ta wanke ta ciro makullin siton. Duk fim ɗin a kan wannan makullin aka gina shi. Kai kana so ta sani tun wajen shafi na 10.

Duba sin na 14, inda take gaban mai bincike tana rantsuwa ƙaninta ba ɓarawo ba ne. A yanzu gaskiyarta take faɗa, tana magana da ƙarfi tana kallon mutumin ido cikin ido. In ta riga ta sani, ƙarya take yi, kuma mai ƙarya ba ya magana haka, ko dai ta rage magana ko ta cika bayanin da ba a tambaye ta ba, to kusan kowane layi nata a sin ɗin sai ya canza, tambayoyin mai binciken ma sai sun canza don dole ya fara jin wani abu bai yi daidai ba. Sin na 22 inda ta yi wa abokiyar aikinta tatas don ta zargi yaron, a da 'yan kallo suna goyon bayanta, yanzu zalunci take yi da saninta, sai an ba ta wani abu bayan sin ɗin da zai nuna abin yana cin ta a rai, in ba haka ba za a tsane ta tun kafin rabin fim. Sin uku da take yawo tana neman ainihin ɓarawon ba su da dalili kuma, wa take nema? Sai na 38 ɗin kansa, ƙololuwar fim ɗin, ya tashi gaba ɗaya, babu abin da za ta gano a aljihu, kenan fim ɗin ba shi da ƙololuwa sai an gina masa wata, wataƙila ranar da aka kama wani marar laifi a madadin ƙanin nata dole ta zaɓa.

Na zauna da biro na bi sin 50 ɗin ɗaya-ɗaya. Guda 9 sai an sake su daga tushe, 16 za su tsaya amma dayalog da yanayinsu sai sun canza, 4 za su fita, sai an ƙara sababbi 2, guda 21 ne kaɗai za su tsira yadda suke.

Kuma in faɗa maka gaskiya shawararka ta fi abin da ke rubuce. Matar da ta sani take ɓoyewa ta fi matar da aka yaudara nauyi, jarumar da za ta hau rol ɗin za ta samu abin yi a kowane sin. Ina so a yi shi. Sai dai ba goge rubutu ba ne.

Tunda rubutun yana nan a ƙasa, ba sai kuɗin ya zama ɗan kaɗan ba? Ai an yi rabin aikin.

Wani lokaci haka ne, wani lokaci ba haka ba. Abin da yake ƙasa yana rage min aiki ne kawai in zai tsaya. Wanda ba zai tsaya ba ƙarin aiki ne, don sai na karanta shi, na gane me marubucin farko yake nufi da shi, na gano me ya jingina a kansa, sannan in cire shi a hankali kada ya ja wani abu su faɗi tare. Farar takarda ba ta buƙatar wannan.

Akwai kuma wani aiki da ba a ganinsa, wato shiga muryar wani. Marubucin farko yana da yadda yake sa mutanensa magana, gajerun jimloli yake so, ƙanin jarumar ba ya taɓa amsa tambaya kai tsaye, na lura da wannan tun shafukan farko kuma abu ne mai kyau. Sin ɗin da zan rubuta sabo dole su yi kama da 21 ɗin da za su tsaya, in ba haka ba mai kallo zai ji ɗinkin ko bai san sunansa ba, zai ji kamar mutumin ya zama wani daban daga sin zuwa sin. Rubutu da muryata ya fi min sauri nesa ba kusa ba.

To nawa ne ke nan, a taƙaice?

Don lissafin ya fito fili, ka ɗauki kuɗin da na faɗa maka na rubuta sabon sikirif mai wannan tsawon a matsayin 100, duk abin da zan ambata kaso ne daga cikinsa.

Karatu da rahoto 10 ne. Wannan shi ne in karanta sau biyu, in fitar da jerin sin, in rubuta maka shafi 2 ko 3 na abin da ke aiki da wanda ba ya aiki. Ana biyansa ko an ci gaba ko ba a ci gaba ba, in an ci gaba kuma yana cikin jimillar, ba a biya sau biyu. Goge rubutu zalla, labari bai motsa ba, 25 ne. Sake rubutu daga shafin farko, inda sunaye da ainihin ra'ayin kawai za a ɗauka, 100 ne, daidai da sabo, don sabon ne. Abin da ke tsakani kuma da sin nake lissafa shi, ba na yanke shi da ka.

Naka ya zo da sauƙi tunda sin 50 ne, kowane sin ya tashi a 2. Waɗanda za a rubuta daga tushe, 9 da sababbi 2, sun zama 11, a cikakken kuɗi 22 ke nan. Guda 16 da za a canza musu dayalog rabin kuɗi nake sa musu, 16. Guda 4 da za a cire na sa musu 2 gaba ɗaya, na ɗinke gurbin da za su bari ne, don a ɗaya daga cikinsu ne aka fara nuna mai gadin sito kuma ana buƙatarsa a gaba, sai na nema masa wata ƙofar shiga. Sabon tsarin labari 5. Karatu da rahoto 10. Guda 21 da za su tsaya ban sa musu komai ba, duba su yana cikin karatun. In ka haɗa 55 ne.

Wato ɗan sama da rabin kuɗin sabo, da zagaye biyu na gyara a ciki kamar yadda na yi bayani a sama, diraf na farko kuma cikin sati uku daga ranar da ka amince da tsarin. Biya kashi uku: 10 na karatu yanzu tunda an yi shi, rabin abin da ya rage kafin alƙalami, sauran ranar da na miƙa diraf na farko. Na san wasu suna so a bar balas sai bayan gyaran ƙarshe, ni ba na yin haka, saboda ranar gyaran ƙarshe ba a hannuna take ba, a hannun mai karatu take.

In na zaɓi na 25 ɗin fa, a goge kawai a ɗan saka maganar cewa ta sani?

Zan iya goge maka shi a 25 in labarin zai tsaya yadda yake, ta gano makulli a shafi na 71, kuma zai fito fim mai kyau daidai gwargwado, dayalog ɗin tsakiya yana buƙatar hannu dama. Abin da ba zan yi ba shi ne in cusa sin ɗaya a farko da ke nuna ta sani sannan in bar sauran yadda suke. Za ka samu mace da ta san ɓarawo a minti na 10 tana neman ɓarawo a minti na 40 tana mamakin makulli a minti na 71. A takarda wataƙila ya wuce ba a lura ba, a wajen shutin jarumar ce za ta fara tsayawa ta ce to ni a nan na sani ko ban sani ba, ranar kuma kowa yana tsaye ana biyan kayan aiki da lokeshin, gyaran da aka guje wa a tebur sai an yi shi a tsaye cikin gaggawa.

Ragewa fa? In na ce a mayar da shi minti 75, ai cirewa ce kawai.

A tsarin rubutun fim da aka saba, da harafin Courier mai girman 12, shafi ɗaya yana tashi kusan minti ɗaya a allo, to daga 94 zuwa 75 shafi 19 ne za su fita, kusan ɗaya cikin biyar na fim ɗin. Shafi 5 ko 6 zan iya samo su ta hanyar datse farkon sin da ƙarshensa, gaisuwa da sallama da maimaita abin da mai kallo ya riga ya gani, wannan yana cikin gyara. Abin da ya wuce haka sai an cire wani zare ɗungurungum, misali labarin saurayin jarumar, kuma duk bayanin da ke cikin zaren nan wanda babban labari yake buƙata sai an sake masa wuri. In kana son 75 ka faɗa min yanzu in gina tsarin a kan haka, ba zai ƙara kuɗi ba. In sai bayan diraf ka faɗa, zai ƙara.

Kada kuma wani ya ce maka zai rage shafi ta hanyar ƙanƙanta rubutu ko matse gefen takarda, shafi zai ragu amma mintin fim ɗin yana nan yadda yake.

In kuskuren naka ne fa?

Nawa ne, kyauta ne, kuma ba ya cin zagaye. In muka amince da abu a tsari na rubuta wani daban, ko ka rubuta gyara a takardarka na tsallake shi, ko na kashe mutum a sin na 30 ya fito yana magana a na 41, ka nuna min kawai in gyara. Haka in ka nemi abu na yi shi amma bai kai yadda muka yi magana a waya ba, wannan ma ban gama aikina ba ne.

Wanda ba nawa ba shi ne abin da ya canza daga wajenku bayan an amince, an rasa asibitin da za a yi shutin a ciki ana so a mayar da labarin kamfani, ko jarumin da aka samu ya girmi rol ɗin ana so ƙani ya zama wa. Ba laifin kowa ba ne, harkar fim ta gaji haka, amma aiki ne sabo, sai mu ƙirga sin ɗin da ya taɓa kamar yadda muka yi a sama.

Ta yaya zan san abin da ka canza, sai na sake karanta shafi 94 duk zagaye?

A'a. Da manhajar Final Draft nake aiki, duk layin da na taɓa za ka ga alamar tauraro `*` a gefen dama na shafin, sai ka bi taurarin kawai. Zan turo PDF, sunan fayil ɗin da lambar diraf da kwanan wata, dan Allah kada a yi gyara a kan tsohon fayil, yana faruwa sosai mutum ya kwana yana rubuta bayani a kan diraf ɗin da aka riga aka wuce.

In kun fara shirin shutin, an raba sikirif ga mutane an fitar da jadawali, sai mu kulle lambobin sin. Daga nan lamba ba ta motsi. Sin ɗin da aka cire lambarsa tana nan da kalma ɗaya a gabanta, OMITTED, wato an cire, wanda aka ƙara kuma ya ɗauki harafi:

```
37   INT. SITO - DARE
38   OMITTED
38A  EXT. BAKIN ASIBITI - DARE
```

Amfaninsa shi ne mai kula da kaya da mai jadawali da suka rubuta "sin 41" a takardunsu, 41 ɗin yana nan bai koma 40 ba. A manyan wuraren shirya fim har launin takarda ake canzawa duk gyara, fari da farko, sai shuɗi, sai ruwan hoda, sai rawaya, sai kore, don a gane wa ke riƙe da tsohon shafi. In kuna so zan rubuta sunan launin a saman shafukan da suka canza. Amma ka sani gyara bayan kullewa ba ya cikin zagaye biyun nan, wannan sai mu yi maganarsa daban in lokacin ya zo, ko a lissafa kuɗinsa da rana ko da shafi.

Marubucin farko fa, akwai abin da ya shafe shi?

Akwai, kuma ina so mu gama da wannan kafin in fara. Ina buƙatar ka tabbatar min a rubuce cewa rubutun naka ne, an biya shi haƙƙinsa kuma ya sallama, har da izinin a canza. Riƙe fayil a waya ba shi ne mallaka ba. Ba zargi nake yi ba Yallaɓai, kariya ce gare ka da ni, don in fim ya fito ya karɓu a lokacin ne ake tuna wa ya rubuta me.

Sunansa kuma ya tsaya a fim ɗin. Labarin nasa ne, mutanen nasa ne, sin 21 nasa ne kalma da kalma, wasu 16 ma ginin nasa ne. A wannan aikin sunayenmu biyu za a sa a rubutawa, nasa a gaba. Da goge rubutu kawai na yi ba zan nemi a sa sunana ba sam. In da hali ma ka sanar da shi cewa an ba wani ya ci gaba, na san yadda yake mutum ya ji a bakin wasu cewa an taɓa rubutunsa.

In ban yi amfani da zagaye na biyu ba za a rage min? In kuma muka tsaya a hanya fa?

Ba a ragewa, kwanakin na riga na keɓe su. Amma ba ya ɓacewa nan take, zan riƙe maka shi har wata uku, in darakta ya shigo daga baya da 'yan bayanansa sai mu yi amfani da shi a nan, da sharaɗin gyara ne ba sabon labari ba.

In kuka tsaya a hanya, abin da aka biya na matakin da aka gama ya zauna, matakin da ban fara ba ba ka da bashinsa. Duk abin da ka biya kuɗinsa naka ne, tsari ko diraf, kana iya kai wa wani marubucin ya ƙarasa, zan ba shi fayil ɗin da zai iya buɗewa ya yi aiki a kai ba PDF kaɗai ba.

Me kake buƙata daga gare ni yanzu?

Abu huɗu ne. Ka zaɓa tsakanin 25 da 55, wato labarin ya tsaya ko ta sani tun farko. Ka faɗa min tsawon da kake so, 94 ko 75 ko wani abu a tsakani. Ka ba ni sunan mutum ɗaya da bayanan gyara za su riƙa fitowa daga hannunsa. Sai takardar marubucin farko.

Rahoton karatun da jerin sin 50 ɗin suna haɗe da wannan saƙon, na sa wa kowane sin alama, wanda zai tsaya da wanda zai canza da wanda zai fita, ka duba ko akwai inda ba ka yarda da ƙirgata ba mu tattauna, musamman sin na 29 da na 33, na sa su a cikin masu canjin dayalog amma in abokin aikinka yana ganin za su iya tsayawa yadda suke zan sake duba su, in haka ne 2 za ta fita daga lissafin ya koma 53. In amsarka ta iso kafin ƙarshen satin nan zan turo tsarin cikin kwana 5. Na gode sosai, a gaida mutanen ofis.